Tambayar da aka yi maka sau uku: yadda mai aikin wayarin zai mayar da tambayoyin kwastomomi amsar mako-mako

Duk mai aikin wuta ya san kiran nan na bayan sallar isha'i. Ka wanke hannu ke nan za ka ci tuwo, sai waya ta yi ƙara: "Malam, don Allah katin da na sa shekaranjiya har ya ƙare, anya mitar nan lafiyarta ƙalau?" Ka yi bayani na minti goma, tuwo ya huce. Bayan kwana biyu wata Hajiya ta kira da wannan tambayar, ka sake ɗauko bayanin daga farko. Na yi shekaru a haka kafin na lura cewa tambayoyin da ake yi mini ba su wuce ashirin da 'yan kai ba, juyawa kawai suke yi kamar lokutan shekara. Sai na fara amsa guda ɗaya duk mako, a rubuce da kuma a murya, in sa a WhatsApp da Facebook. Ga yadda ake tsara abin, tun daga tara tambayoyi har zuwa ranar sakin amsa.

Mataki na farko: ka sayi ƙaramin littafi, ka yi wata guda kana rubutu kawai

Kada ka zauna a shago kana ƙirƙiro abin da kake tsammanin mutane suna son sani. Abin da ke burge mai sana'a daban, abin da ke damun mai gida daban. Kai za ka so ka yi magana a kan bambancin wayar tagulla da ta alminiyom, shi kuwa abin da ya hana shi barci shi ne fankarsa da ke juyawa kamar mai jin yunwa.

Ka sa littafin a jakar kayan aiki, tare da testa da filaya. Duk tambayar da aka yi maka, a waya ne ko a bakin aiki, ka rubuta ta yadda aka faɗe ta, kalma da kalma. Idan matar gida ta ce "firjina yana ja na in na taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu", haka za ka rubuta, kada ka gyara mata zuwa yaren ma'aikata. Wannan lafazin nata shi ne zai zama kan maganarka daga baya, domin wata matar da ta gan shi za ta gane matsalarta ce tun kafin ta gama karantawa. A gefen tambayar ka sa watan da aka yi ta da kuma irin wanda ya yi ta: mai gida, ɗan haya, mai shagon sayar da ruwan sanyi, tela. Ban da suna, ban da lambar waya.

Idan an sake yin tambayar, ka ja ɗan layi a gabanta. Yaran shagonka ma ka ba su wannan aikin, don sau da yawa mutane sun fi sakin jiki su tambayi yaro abin da suke jin nauyin tambayar oga. Bayan mako huɗu ka buɗe littafin. Duk wadda ta sami layi uku ko fiye, ta cancanci mako guda nata na kanta.

Mataki na biyu: ka raba su kashi uku, domin ba kowace tambaya ake amsawa a bainar jama'a ba

A nan ne aikin wuta ya bambanta da na tela ko mai fenti. Idan tela ya koya wa mutum abu ya yi kuskure, yadi ne ya lalace. Namu kuskuren rai yake ci. Saboda haka kafin ka rubuta ko harafi ɗaya, ka duba kowace tambaya ka ga inda hannun mai tambayar ya kamata ya tsaya.

Kashi na farko su ne waɗanda mutum zai iya dubawa da kansa ba tare da ya kwance ko kusa ɗaya ba: lissafin abin da kayansa ke sha, ƙirga ƙyaftawar fitilar mita, goge ƙurar hunturu daga kan farantan sola, cire kaya daga soket ɗaya bayan ɗaya don gano wanda ke sa bireka faɗuwa. Waɗannan ka amsa su har ƙarshe, kada ka ɓoye komai.

Kashi na biyu su ne waɗanda za ka bayyana dalili da alama, amma gyaran na ma'aikaci ne. Famfon banɗaki mai jan mutum, soket mai ɗumi ko wanda bakinsa ya yi baƙi, warin ƙonewar roba daga akwatin bireka. Amsarsu tana ƙarewa ne da "kashe babban makunni, kada kowa ya taɓa, ka kira mai gyara". Ka lura, mai gyara na ce, ba lallai kai ba. Wanda ke Katsina yana karanta ka alhali kana Kano, ba zai zauna jiranka da wayar da ke hayaƙi ba.

Kashi na uku kuma amsarsu a'a ce, kuma a'ar ita ce darasin makon. Ta farkonsu ita ce tambayar yadda za a zagaye mita a sha wuta kyauta. Laifi ne, kamfanonin rarraba wuta irin su KEDCO suna cin tara mai nauyi a kai, kuma irin wannan haɗin ɓoye da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda shi ne ke ɗaukar zafi a cikin silin. Ta biyu ita ce ta mai son ya haɗa janareta da gidansa ta hanyar cusa filogi a soket, don kada ya sayi makunnin sauya layi da muke kira canji-oba. Ka gaya masa abin da ke faruwa: wutar janaretansa na iya komawa kan layin waje ta kama ma'aikacin da ya hau fal yana ganin an ɗauke wuta, sannan in aka kawo wuta janareta na aiki, wuta biyu za su haɗu a waya ɗaya. Ka faɗi haɗarin filla-filla, yadda ake haɗin kuwa ko kusa kada ka nuna.

Na taɓa yin kuskure a wannan rabon. Na rubuta bayanin canza soket da ya fashe, na ce a kashe makunni tukuna. Wani ya kashe makunnin da ke jikin soket ɗin kansa, yana ganin shi nake nufi, ya sa sukudireba. Allah ya kiyaye, fizga kawai ya sha. Tun daga ranar na mayar da duk abin da ke buƙatar kwance murfi zuwa kashi na biyu, kuma in na ce makunni, sai na faɗi wanne da kuma inda yake.

Mataki na uku: ka jera su bisa lokutan shekara

Watannin da ka rubuta a gefen littafi za su yi maka wannan aikin. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke kan ganiyarsa, tambayoyin fanka, na'urar sanyaya ɗaki da wutar da ta yi ƙasa ne ke yawa, domin kowa ya ɗora kaya a kan taransifomar unguwa. Da damina ta sauka sai a koma jan wuta a bango da ƙofar ƙarfe, da birekar da ke faɗuwa duk sanda aka yi ruwa, da kayan da tsawa ta ƙona. Hunturu na hita ne da ƙurar sola da gobara. Azumi kuma na firiza ne da masu ƙanƙara. Ka saki kowace amsa mako biyu kafin lokacinta ya kankama, don maganar wayar ƙasa da aka yi a Mayu ta fi wadda aka yi a Agusta amfani, bayan ruwa ya riga ya shiga bango.

Mataki na huɗu: rubuta amsar

Bari mu ɗauki tambayar da ta fi kowace samun layi a littafina, mu bi ta daga farko: "Me ya sa mitata ke shan kuɗi da sauri?"

Da na fara rubuta amsarta, sai na zuba duk abin da na sani: ƙarfin wutar gida bolt 230, bambancin wat da amfiya, rukunin kuɗin wuta, tsufan waya. Na ba matata ta karanta, ta kai layi na huɗu ta miƙo mini wayar ta ce miyarta za ta ƙone. Laifin rubutun shi ne ya amsa tambayar da ɗan koyo zai yi, ya bar ta mai gida. Mai gida abu biyu yake son sani: mitar ce ke cutarsa ko kayansa ne, kuma me zai yi a daren nan.

Saboda haka tsarin da na tsaya a kai shi ne wannan. Layin farko tambayar ce da lafazin mai ita. Layi na biyu amsar ce kai tsaye, ba tare da dogon share fage ba. Sai dalili guda ɗaya da lissafi guda ɗaya. Sai gwajin da mutum zai iya yi da kansa. Sai iyakar da zai tsaya. Ga yadda ta fito a ƙarshe:

"Tambayar wannan makon: Malam, me ya sa mitata ke shan kuɗi da sauri?

Galibi ba mitar ba ce, kayan da ke yin zafi ne: dutsen guga, hita, butar lantarki da rishon lantarki. Kayan da aka rubuta wa wat 1000, in ya yi awa ɗaya yana aiki, ya sha yunit ɗaya. Hitar tafasa ruwa mai wat 1500 tana cin yunit ɗaya da rabi a awa. Tsofaffin ƙwayaye goma masu wat 60, in sun yi awa shida a kunne, yunit uku da rabi ne da ɗoriya. Sababbin farare masu wat 9, su goma a awa shidan nan, kusan rabin yunit ne kacal.

Gwada wannan da rana: kashe komai, zare duk filogi har na firji, ka tsaya gaban mita minti biyar kana kallon jar fitilar da ke ƙyaftawa. In ta tsaya cak, kayanka ne ke shan wutar. In tana ci gaba da ƙyaftawa, wuta na zurarewa wani wuri ko wani ya jona a layinka. Kada ka buɗe mita, kada ka cire murfin akwatin bireka. Kira mai gyara."

Akwai dalili a bayan kowane zaɓi a ciki. Na ce minti biyar domin a jikin mita akwai rubutu irin `1000 imp/kWh`, wato fitilar za ta ƙyafta sau dubu kafin yunit ɗaya ya tafi. A irin wannan mitar, dutsen guga mai wat 1000 zai sa ta ƙyafta kusan duk daƙiƙa huɗu, amma zurarewar da ba ta wuce wat 60 ba sai an yi minti guda cur kafin ta ƙyafta sau ɗaya. Wanda ya leƙa na daƙiƙa goma ya juya zai rantse cewa komai lafiya. Wannan bayanin ban sa shi a amsar ba, na ajiye wa wanda ya dawo da tambaya. Amma dole ni in san shi, in ba haka ba da na rubuta "ka ɗan duba" na ɓatar da mutane.

Na kuma yi lissafin da yunit, ban yi da naira ba. Kuɗin yunit ya danganta da rukunin layin da mutum yake, kuma yana canzawa. A Afrilun 2024 aka ɗaga na 'yan rukunin Band A zuwa naira 225, alhali maƙwabcinsu da ke wani layin yana biyan abin da bai kai rabin haka ba. Da na rubuta naira, da amsar ta yi wa wani daidai ta yi wa wani ƙarya, kuma bayan 'yan watanni ta tsufa. Yunit kuwa ba ya tsufa. Haka ma kuɗin aikinka da farashin waya a kasuwa, kada ka sa su a amsar mako. Wani zai ajiye hoton rubutun, bayan shekara ya zo yana nuna maka shi yana cewa kai da bakinka ka faɗa.

Lissafi ɗaya ya isa a kowane mako. In tambayar batir ce, "awa nawa batirina zai riƙe ni?", ka ɗauki batir ɗaya mai bolt 12 da aka rubuta wa 200Ah. Ka ninka su, ka sami 2400. Batir mai ruwa ba a son a sha fiye da rabinsa in ana son ya yi ƙarko, saura 1200. Inbata ma tana cin nata rabon, sai ka ƙaddara 1000 ne ya rage. In fankoki biyu da talabijin da ƙwayaye sun haɗu sun kai wat 200, awa biyar ke nan. Ka tsaya a nan. Maganar farantan sola nawa za su cika shi, wannan ta mako mai zuwa ce, kuma ka faɗa a ƙarshe cewa ita ce ke tafe.

Kafin ka saki kowace amsa, ka sake buga lissafin a kalkuleta, sannan ka karanta wa wanda ba ma'aikaci ba, ka ce ya maimaita maka abin da zai yi in ya koma gida. In abin da ya faɗa ya saɓa da nufinka, rubutun za ka gyara.

Mataki na biyar: murya da hoto

Da yawa daga masu kiranmu ba sa karanta dogon boko, musamman dattawa da iyayenmu mata, kuma su ne ke yini da kayan wutar gida. Don haka duk amsar da ka rubuta, ka karanta ta a saƙon murya wanda bai wuce minti ɗaya da rabi ba. Ka yi shi a cikin ɗaki, ba a bakin titi inda ƙarar a-daidaita-sahu da janaretan mai walda za su cinye rabin maganar ba. Ka yi sallama, ka faɗi sunanka da sana'arka, domin saƙon murya yawo yake yi daga waya zuwa waya, ya isa inda ba a san mai shi ba.

Hoto ɗaya ya wadatar, kuma naka na bakin aiki ya fi wanda aka ɗauko a intanet mai soket irin na wata ƙasa. Soket da ya narke, siririyar waya mai milimita 1.5 da aka ja wa hita alhali aikinta ƙwan fitila ne, ko fis ɗin da aka maye gurbinsa da guntun ƙusa. Ka matso da kyamara kan kayan kaɗai, kada falon mutane ko ƙofar gidansu ta fito, kuma ka nemi izinin mai gida ko da hakan. In aikin wani ma'aikacin ne ka tarar ya lalace, ka nuna kuskuren ka yi shiru a kan mai shi. Gari ɗaya kuke, kuma mai karatu da ya ga kana zagin abokin sana'a zai ɗauka kasuwa kake nema.

Mataki na shida: rana ɗaya, lokaci ɗaya

Ka zaɓi rana ka riƙe ta. Ni Juma'a bayan an sauko daga masallaci na zaɓa, lokacin da mutane ke zaune a gida da waya a hannu, ga Asabar a gaba in akwai abin da mutum zai sa a gyara masa. Ka sa wa jerin suna mai sauƙi da lamba, kamar "Tambayar Mako ta 7", don wanda ya tarar da ta bakwai ya san akwai shida a baya. Abin da aka sa a Status na WhatsApp awa 24 kawai yake yi ya ɓace, saboda haka ka ajiye kwafin kowace amsa a shafinka na Facebook da kuma a cikin wayarka. Amfanin ajiyar shi ne, in an kira ka bayan isha'i da tambayar mita, sai ka ce "Alhaji, bari in turo maka bayani, ka gwada da safe, abin da ka gani ka gaya mini."

Abin da ke kashe irin wannan jerin shi ne makon da aiki ya yi yawa. Kana sabon gini daga safe har magariba, Juma'a ta zo ba ka rubuta komai ba, ka ce sai mako mai zuwa, shi ke nan an yi jana'izarsa. Maganinsa kada ka saki ta farko sai kana da huɗu a ajiye, rubutu da murya da hoto. Ranar da aiki ya yi sauƙi ka rubuta biyu ka cike gurbin.

Yadda za ka gane ko abin yana aiki

Yawan waɗanda suka kalla ba ya gaya maka komai, 'yan uwa da abokan makaranta ma suna kallo. Alamar farko ita ce tambayoyin da ke biyo baya. Bayan amsar mita, wani ya rubuto mini cewa ya zare komai amma fitilar na ƙyaftawa duk bayan minti biyu. Na ce ya bushe hannunsa, ya sa takalmin roba, ya sauke birekokin gidan duka ta 'yan makunnansu na waje, ba tare da cire murfi ba. Fitilar ta tsaya. Na ce ya riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana jiran minti biyar a kowanne. A na uku ta dawo. Da na je, wayar fitilar tsakar gida ce da aka binne ba bututu, ruwa ya ci rigarta tana zubar da wuta a ƙasa. Aikin da zai ci rabin yini ana lalube ya ƙare a awa ɗaya, domin mai gidan ya riga ya ware mini layin. Da fitilar ta ci gaba da ƙyaftawa bayan an sauke birekokin duka, da sai mu nemi matsalar tsakanin mita da akwatin, inda masu jona wa kansu wutar maƙwabci suka fi laɓewa. Wannan bambancin shi ya zama amsar makon da ya biyo baya.

Alama ta biyu ita ce yadda masu kira ke bayani. Mai cewa "wuta ta lalace, zo ka gani" zai koma cewa "birekar kicin ce ke faɗuwa in an kunna butar lantarki", ka san abin da za ka ɗauko tun daga shago. Duk sabon wanda ya kira, ka tambaye shi inda ya sami lambarka, ka rubuta a bayan littafin nan.

In kuma amsa ta jawo tambaya iri ɗaya daga mutum uku, to akwai layin da bai fita ba a rubutunka. Ka gyara kwafin da ka ajiye, ka sa masa ranar gyara. In kuskure ne na lissafi ko na tsaro, kada ka goge shi a ɓoye. Ka fito a mako na gaba ka ce a amsa ta kaza na faɗi kaza, daidai shi ne kaza, domin tsohon saƙon muryar yana nan yana yawo a wayoyin da ba za ka iya kaiwa gare su ba.

Bayan wata shida tambayoyin littafin za su yi kamar sun ƙare. Ka koma kan na farko idan lokacinsu ya kusa zagayowa, domin da yawa daga masu bin ka yanzu ba su nan sanda ka sake su. Ka canza hoton, ka sa sabon misali daga aikin da ka yi a tsakani, ka ƙara abin da masu tambaya suka nuna maka ya ɓace a ta bara. Ta famfo mai jan mutum kuwa, duk shekara nake sake ta a farkon Mayu, kafin ruwan farko ya sauka.